Kwana 16 ya rage mu miƙa wa Tarayyar Turai, ta ina zan fara duba takardar?

Maman_Hanifa
Assalamu alaikum 'yan uwa. Taƙaitaccen bayaninmu ya tsallake matakin farko na tallafin Tarayyar Turai ga ƙungiyoyin farar hula, an gayyace mu mu kawo cikakkiyar takarda. Aikin na wata 24 ne a ƙananan hukumomi 6, horar da kwamitocin raya mazaɓu su riƙa bin diddigin kuɗin da ke shiga asibitocin matakin farko. Rubutu ya kammala, kasafi ma haka. An ɗora min aikin dubawa kafin a tura, saura kwana 16. Na karanta sau biyu, Turancin ya yi kyau, ban ga abin gyara ba, kuma wannan ne ma ke ba ni tsoro. Masu sani, yaya ake duba irin wannan a gano inda ya yi rauni?

AbuSafwan
Wa alaikumus salam Hajiya. Ajiye takardar tukuna, kada ki sake karanta ta daga shafin farko. Idan kika bi ta a jere, labarinta ne zai ja ki, kuma kowane labari daidai yake a bakin mai shi. Buɗe ƙa'idojin da suka fitar, wanda aka rubuta Guidelines for grant applicants a kansa, ki tafi sashe na 2.3. A nan jadawalin bayar da maki yake, kuma da shi mai tantancewa zai zauna.

A fom ɗin da aka saba, maki 100 ne a kashi 6: ƙarfin ƙungiya ta fuskar kuɗi da aiki 20, dacewa da manufar kiran 20, tsarin aikin 15, yadda za a aiwatar 15, ɗorewa 15, kasafi 15. Ƙarƙashin kowanne akwai ƙananan tambayoyi da galibi ake ba maki daga 1 zuwa 5. Kwafe tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya a takarda mai gida huɗu: tambayar, shafin da amsarta take a rubutunku, ainihin jimlar da ta amsa, sai makin da ke za ki bayar. Sharaɗin shi ne ba a yarda ki rubuta "yana ciki" ba. Ko ki nuna shafi da layi, ko ki bar gidan fayau. Gidajen da suka zauna fayau su ne aikinki na kwana 16 ɗin.

Danliti77
Ni dai shawarata ki fara da sashen dacewa, ki ƙara masa ƙarfi sosai. Shi ne zuciyar takarda, maki 20 ba wasa ba.

AbuSafwan
Malam Danliti, da a matakin farko take da na goyi bayanka. Amma ta ce sun wuce shi. Idan kira mai mataki biyu ne, makin dacewa an riga an bayar tun a taƙaitaccen bayani, ɗauko shi kawai ake yi a zuba a na biyu. Ko ta kwana tana goge shi, 20 ɗin nan ta riga ta bar hannunta. Maki 80 ne a gabanta.

Danliti77
To, ban san ana ɗauko shi ba. Na karɓi gyara.

Hajiya_Akanta
Kafin a kai ga maki, akwai abubuwan da ke fitar da takarda waje ba tare da kowa ya karanta ta ba. Maman Hanifa, ba ni lambobi huɗu: nawa kuka ce za ku nema a taƙaitaccen bayani, nawa kuke nema yanzu, jimillar kuɗin aiki kai tsaye, da abin da kuka sa na gudanarwa. Sannan kashi nawa suka ce za su iya ɗauka?

Maman_Hanifa
A farko mun rubuta Yuro 300,000. Yanzu muna neman 372,000 saboda tsadar kaya. Kuɗin aiki kai tsaye 380,000, na gudanarwa 38,000, jimilla 418,000. Sun ce ba za su ɗauki fiye da kashi 90 cikin ɗari ba, mu kuma namu bai kai 90 ba, don haka ina ganin nan lafiya.

Hajiya_Akanta
Ta wajen kashi 90 lafiya, amma kin taka igiya biyu. Ta farko, abin da za ku nema a cikakkiyar takarda ba ya sauka ko ya hau fiye da kashi 20 cikin ɗari na abin da kuka faɗa da farko. Kashi 20 na 300,000 shi ne 60,000, wato rufinku 360,000. Kun hau da kashi 24. Ta biyu, kuɗin gudanarwa a wajensu ba ya wuce kashi 7 na kuɗin aiki kai tsaye, ku kuma kun sa 10. Da gani wanda ya haɗa kasafin ya saba da wani mai bayarwa daban.

Hanya biyu ce. Ku bar 380,000 yadda yake, kashi 7 ɗinsa 26,600, jimilla 406,600. Ku nemi 360,000, ragowar 46,600 ku nemo ta. Ko kuma idan abin da za ku iya kawowa bai wuce 40,000 ba, jimilla ta tsaya a 400,000, wanda ke nufin kuɗin aiki kai tsaye ya sauko wajen 373,800. Kenan za ku yanke kusan 6,200. Kada ki yanke ta hanyar rage kowane layi kaɗan kaɗan. Nemi abu ɗaya da za a iya cirewa ɗungurungum, ki bi shi ki cire a rubutu da jadawalin watanni ma.

Sarkin_Yaƙi
Salam. Don Allah a turo mana da link ɗin nan mu ma mu cike. Ina da kiwon kaji, jari nake nema.

Bintu_Maradi
Sarkin Yaƙi, ba irin wancan ba ne. Wannan na ƙungiyoyi masu rajista ne, kuma wanda bai shiga matakin farko ba ba ya shiga na biyu. Allah ya buɗa maka ta wata ƙofar.

Hajiya Akanta, ƙarin bayani a kan 40,000 ɗin. Nan ne da yawa ke faɗawa rami. Sai a rubuta "ofishinmu da motarmu" a matsayin gudummawar ƙungiya. Gudummawar da ba kuɗi ba ce ba a lissafa ta sai ƙa'idojin kiran sun faɗa ƙarara an yarda. Albashin ma'aikacin da ƙungiya ke biya da kuɗinta kuma yake aiki a kan shirin, wannan yana shiga, domin kuɗi ne ke fita ana gani a littafi. Ta duba shafi na uku na Annex B, wato fom ɗin kasafi, inda ake jera daga ina kuɗin za su fito, ta tabbata jimillarsa daidai take da ta shafin farko har zuwa Yuro ɗaya.

Maman_Hanifa
Innalillahi. Na duba, hayar ofishin da wani bawan Allah ya ba mu kyauta ce aka ƙiyasta aka sa a ciki. Zan koma sashen kuɗaɗen da aka halatta in gani ko sun yarda.

Injiniya_Bello
Ba kashi 7 na jimilla har da kuɗin ko-ta-kwana ba ne? Haka na san shi.

Hajiya_Akanta
Tsohon fom ke nan, Injiniya. A na baya-bayan nan layin da kansa ya rubuta cewa daga ƙaramar jimillar layi na 7, wato kuɗin aiki kai tsaye, ake lissafawa, kuma ko-ta-kwana, wanda ba ya wuce kashi 5, daga baya yake zuwa. Abin da aka rubuta a jikin layin fom ɗin da ke hannunta shi ne hukunci. Shi ya sa ba a ɗaukar fom ɗin bara a cike.

AbuSafwan
Mu dawo kan tambayarki ta asali, domin gyaran lissafi awa biyu ne, raunin da ke cin maki yana wani wuri. Ana gano shi ne ta hanyar jera takardu huɗu a tebur ɗaya: bayanin ayyuka, jadawalin watanni, logfirem wato Annex C mai ɗauke da teburin sakamako da ma'aunansa, da kasafi. Buga su a takarda, a allo ba a gani. Ɗauki aiki ɗaya, ki bi sawunsa cikin duka huɗun kafin ki taɓa na biyu. Gwada da horon kwamitocin ki faɗa mana abin da kika samu a kowacce.

Maman_Hanifa
Ga shi. Bayanin ayyuka ya ce horo 5 a kowace ƙaramar hukuma, mutum 30 a kowane zama. Logfirem ya ce za a horar da mutum 1,200. Kasafi ya sa zama 30 amma na kwana 2, rubutu kuma ya ce kwana 3. Jadawalin watanni ya cusa duka horon a wata na 2 da na 3.

AbuSafwan
To kin ga abin da karatu sau biyu bai nuna miki ba. Zama 5 sau ƙananan hukumomi 6 ya ba da 30, sau mutum 30 ya ba da 900. Daga ina 300 suka fito? Galibi an rage aiki ne a rubutu lokacin da kasafi ya matse, aka manta ba a taɓa logfirem ba. Illar ba ta tsaya a maki ba. Idan aka ba ku kuɗin, logfirem ɗin nan yana shiga cikin yarjejeniya, 1,200 za a tambaye ku a rahoto alhali kuɗin 900 gare ku.

Kwana 2 da kwana 3 kuma zai taɓa tambayar farko ta sashen kasafi, wadda ke cewa ko ayyukan sun bayyana yadda ya kamata a cikin kuɗi. Kwana ɗaya na mutum 900, abinci da zaure da kuɗin mai horarwa, babu shi a ko'ina. Tunda rage kuɗi kuke nema, mayar da rubutun kwana 2 ya fi sauƙi, amma sai ki duba ko darussan da aka lissafa za su shiga kwana 2. Idan an jera darasi 12, mai tantancewa zai san ba za su shiga ba.

Na watanni ya fi ba ni tsoro. Zama 30 cikin wata biyu, a farkon aiki, lokacin da ba a gama ɗaukar ma'aikata ba, ba a kai gaisuwa wajen hakimai da shugabannin sashen lafiya na ƙananan hukumomi ba. Tambayar da ke jadawali ita ce ko lokacin da aka tsara mai yiwuwa ne. Wanda ya taɓa aiki a karkara zai ba wannan 2. Sannan a lissafa da damina da azumi. Manomi ba ya barin gona a watan Yuli ya zo zaure ya zauna wuni biyu.

Yi wa kowane aiki haka. Idan ayyukan 14 ne, wuni ɗaya zai ci, kuma shi ne wuni mafi riba a cikin 16 ɗin.

Malama_Zuwaira
Ina so in tsaya a logfirem, domin tambaya guda ce sukutum mai maki 5 kuma a bayyane take. Suna tambaya ko akwai ma'aunin farawa, da inda ake son kaiwa, da hanyar tabbatarwa, masu gamsarwa. Idan babu ma'aunin farawa, shin an tsara binciken farko, kuma an sa masa kuɗi? Kalmar ƙarshen nan ce ake mantawa. Za ki ga an cike gidan da "za a tantance a farkon aiki" daga sama har ƙasa, ki je kasafi babu ko sisi na binciken.

Sai kuma irin ma'aunin da aka zaɓa. "Mutum 900 sun samu horo" abin da kuka yi ne, wurinsa matakin ƙasa. A matakin sakamako ana son abin da ya canza a wajen mutanen. Misali, kwamitoci nawa ne cikin waɗanda aka horar suka zauna da shugaban asibitinsu suka duba takardar wata uku ta kuɗin BHCPF, wato asusun gwamnati na kiwon lafiya a matakin farko, kuma akwai rubutaccen bayanin zaman da sa hannu. Wannan ana iya ƙirgawa, ana iya nuna takarda. "Wayar da kan al'umma ya ƙaru" kuwa ba wanda zai iya cewa ya faru ko bai faru ba. Kuma a raba lambobin maza da mata. Idan rubutu ya yi ta maganar mata amma babu ma'auni ɗaya da ya ware su, maganar ta tsaya a baki.

Danliti77
Duk wannan wahalar, ni a ganina in ba ka da wani a ciki, ko ka samu 100 ba za a kira ka ba.

Bintu_Maradi
Haba Malam. Ai idan an ƙi takarda suna aiko da wasiƙa, ka ga makin da ka samu. Kuma ita da ba ta da kowa ta riga ta wuce matakin farko, inda sai ka kai 30 cikin 50 sannan a zaɓi na sama. Abin da zan yarda da kai shi ne wucewa ba samu ba ne, domin da gangan suke gayyatar waɗanda abin da suke nema ya ninka kuɗin da ke ƙasa aƙalla sau biyu. Shi ya sa maki 3 ko 4 ke raba mai samu da mai jiran gawon shanu.

Hajiya_Akanta
Ba wanda ya taɓo sashe na ɗaya, kuma shi kaɗai ne ke da tarko. Idan jimillarsa ta gaza 12 cikin 20, an yar da takardar. Idan ɗaya daga cikin tambayoyinsa huɗu ta samu maki 1, nan ma an yar, ko da sauran sun yi kyau. Ta huɗun ita ce ko ƙungiyar da ke jagorantar neman na da tsayayyun hanyoyin samun kuɗi. Mai tantancewa zai kalli kuɗin da ya ratsa hannunku a shekarun baya ya gwada da abin da kuke nema. Ƙungiyar da ba ta taɓa juya abin da ya wuce kwatankwacin Yuro 40,000 a shekara ba, ta zo tana neman ta juya 200,000 a shekara, dole a ɗaga gira. Ba rubutu ke gyara wannan ba. Abin da ke hannunta shi ne ta tabbata bayanan kuɗin da ke PADOR, shafin da ƙungiyoyi ke rajista da Tarayyar Turai, na shekarar da aka rufe ta ƙarshe ne, kuma teburin ayyukan baya an cike shi da adadin kuɗi da shekara da sunan mai bayarwa. A sa ayyukan da suka yi kama da wannan a sama, ba rabon kayan azumi ba.

Injiniya_Bello
Idan ƙarfinsu bai kai ba, su jawo wata babbar ƙungiya ta shigo mana.

AbuSafwan
A wannan matakin ƙofar a ƙuntace take, Injiniya. Abokan nema da aka ambata a farko ba a canza su sai da hujja mai ƙarfi a rubuce. Kuma tambayar kuɗin jagora ake yi wa, ba abokin tafiya ba. Amma ka tuna min da wani abu. Maman Hanifa, kuna da abokiyar nema?

Maman_Hanifa
Muna da, ƙungiyar mata ce da ke aiki a uku daga cikin ƙananan hukumomin. Na bincika sunanta a rubutun yanzu, sau biyu ya fito, a gabatarwa da wajen sa hannu.

AbuSafwan
To ga wasu maki 5 a ƙasa. Akwai tambaya a kan ko shigar abokan nema cikin aikin mai gamsarwa ce. Jadawalin watanni yana da gida na ƙarshe inda ake rubuta wanda zai aiwatar da kowane aiki. Idan sunanku ne daga sama har ƙasa, an gane aron suna aka yi. A ba su ayyuka sanannu, misali zaman mata a ƙananan hukumomi ukun da suke, a ga ma'aikacinsu a layin albashi, a faɗi yadda za a riƙa yanke shawara tare. Kuma a kira su a faɗa musu kafin a rubuta.

Ɗan_Tsangaya
Tambaya daga ɗalibi. An ce mana a kwafi kalmomin mai bayarwa a zuba a takarda don ya ji nasa. Gaskiya ne?

Malama_Zuwaira
Rabi. Amfani da kalmarsu a kan magana yana taimaka wa mai tantancewa ya sami amsa da sauri, mutumin da ke da tarin takardu a gabansa ba zai yi farauta ba. Idan sun raba ɗorewa gida huɗu, ta kuɗi, ta hukumomi, ta manufofin gwamnati, ta muhalli, to ka yi sakin layi huɗu da sunayen nan. Amma abin da ke ƙarƙashi dole ya zama naka. "Al'umma za ta rungumi aikin" ba amsa ba ce. Wa zai biya kuɗin motar ɗan kwamiti zuwa zama a wata na 25? Idan amsar ita ce babu kowa, gara a tsara zaman a cikin mazaɓa inda za a zo da ƙafa, a kuma rubuta cewa dalilin ke nan.

Bintu_Maradi
A nan na ɗan saba da Malama. Na muhalli a aikin bin diddigin kuɗin asibiti, me za a rubuta in ba cika shafi ba? Su kansu sun ce inda ya dace. Layi ɗaya cewa bai shafi aikin ba ya fi ƙirƙirar dashen bishiya.

Malama_Zuwaira
Layi ɗaya na yarda, shiru ne ban yarda da shi ba. Amma ni da zan duba ko kwamitin zai sa ido a kan yadda asibiti ke zubar da allurai da sharar magani. Yana cikin abin da kuɗin gudanar da asibiti ke yi.

Bintu_Maradi
Wannan sabon aiki ne da babu shi a taƙaitaccen bayani, ga shi ana neman a yanke 6,200. Ni ba zan ƙara ba.

Maman_Hanifa
Allah ya saka wa kowa. Na cike takardar mai gida huɗu, gida uku sun fito fayau: binciken farko, tantancewar ƙarshe, da rawar abokiyar nemanmu. Biyun farko duka kuɗi suke ci, ni da ake so in rage. Wani abu kuma, ƙa'idar gudummawar da ba kuɗi ba ban gane ta sosai ba, zan iya aika musu tambaya?

Hajiya_Akanta
Duba ranar da suka sa, amma bisa al'ada ana rufe karɓar tambaya kwana 21 kafin ranar miƙawa, su kuma su gama amsawa kwana 11 kafin ta. Da saura 16, lokacin tambaya ya wuce. Sai dai amsoshin da suka ba wasu ana wallafa su a shafin kiran, kuma da wuya a ce ba wanda ya yi wannan tambayar. Ki riƙa leƙawa har ya rage kwana 11. Idan ba ki samu ba, cire hayar ofishin ki maye gurbinta da albashi.

Batun kuɗin bincike da tantancewa, turo min layukan sashe na 3 na kasafin, kayan aiki. Idan akwai mota a ciki, daga nan za mu fara.

Maman_Hanifa
Akwai mota. Shugabanmu ba zai so a taɓa ta ba.

AbuSafwan
Kai masa lissafin haya na wata 24 a gefen kuɗin sayen, tare da tambayar sashen kasafi mai maki 10 da ke auna kuɗi da sakamako. Kuma ki sa ranar turawa a PROSPECT, shafin da ake miƙa takarda, kwana 3 kafin wa'adi, agogon Brussels suke bi ba namu ba.